Garambawul a Ofis: Imel ɗin da Zai Riga Rediyo Mai Jini

Ranar 17 ga Yulin 2014, dubban ma'aikatan sashen wayoyin hannu na kamfanin Microsoft suka buɗe akwatin imel ɗinsu, suka tarar da saƙo daga shugabansu, Stephen Elop. Yawancinsu tsofaffin ma'aikatan Nokia ne. Wata uku ke nan da Microsoft ya kammala sayen sashen wayoyin Nokia, ya gaji ma'aikata kusan 25,000, kuma kowa ya san za a taɓa wani abu. Abin da ba a sani ba shi ne wa za a taɓa.

Saƙon ya fara da wata gaisuwar sakaci, irin wadda ake yi wa mutumin da aka haɗu da shi a hanya ba a san sunansa ba. Daga nan ya shiga bayanin dabarun kasuwa: wace waya za a sayar wa masu kuɗi, wace za a sayar wa talaka, ina kamfani ya dosa. Mai karatu ya wuce sakin layi na ɗaya, na biyar, na takwas, bai ga abin da yake nema ba. Sai a sakin layi na 11 aka faɗi maganar da ta kawo kowa: za a rage ma'aikata kimanin 12,500. Kafin nan an ambaci cewa za a naɗe aikin masana'antar Komárom da ke Hangari, a rage na injiniyoyi a garin Oulu na Finland, a mayar da akasarin haɗa wayoyi Hanoi. Mutumin da ke aiki a Oulu sai da ya tsinci makomar gidansa a tsakiyar bayanin kasuwa, kamar mai neman allura a buhun gero.

Jaridu sun yi ta yi wa wannan imel ba'a, har ya zama abin misali idan ana maganar yadda bai kamata a sanar da ma'aikata ba. Amma babu ƙarya a cikinsa, kuma ba a ɓoye adadin ba. Laifinsa ɗaya ne: an jera maganar bisa abin da ya dami mai rubutu, alhali mai karatu da tambayarsa daban ya zo. Duk wanda wata rana zai rubuta wa ma'aikata cewa an sake tsarin kamfani, ko kamfanin na mutum 20 ne ko na 20,000, a wannan ramin yake fuskantar faɗawa.

Inda jita-jita take samun abinci

Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu 'yan Amurka, Gordon Allport da Leo Postman, sun yi nazarin raɗe-raɗin da suka yawaita lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suka fitar da littafi a 1947. Ƙa'idar da suka kafa ba ta da wuyar ganewa. Sun ce ƙarfin jita-jita yana zuwa ne daga abu biyu da ake ninka ɗaya da ɗaya: muhimmancin maganar ga mai ji, da duhun da ke cikinta. Idan magana ba ta dami kowa ba, ko duhunta ya kai na tsakar dare ba wanda zai yaɗa ta. Idan kuma ta dami kowa amma a fili take, ba abin da za a ƙara mata.

Shugaban kamfani ba shi da iko a kan na farko. Albashi shi ne kuɗin haya, kuɗin makaranta, buhun shinkafa, don haka ba za a taɓa rage muhimmancinsa da daɗin baki ba. Abin da ke hannunsa shi ne na biyu. Aikin imel ɗin garambawul ke nan gaba ɗaya: rage duhu. Duk tambayar da saƙon ya bari ba amsa, wani zai amsa ta a bakin mai shayi, ko a rukunin WhatsApp na ma'aikata wanda ba a saka oga a ciki ba. Kuma amsar rediyo mai jini kullum ta fi gaskiya muni, domin mai tsoro mafi munin abu yake fara hangowa.

An gwada wannan a aikace. A 1991 David Schweiger da Angelo DeNisi suka wallafa binciken da suka yi a masana'antu biyu na kamfani ɗaya da ke shirin haɗewa da wani. Ma'aikatan masana'anta ta farko wasiƙar shugaban kamfani kawai suka samu. Na ta biyu kuwa an riƙa ba su bayani a kai a kai, an buɗe musu layin waya na tambaya, ana zama da su mako-mako. Da aka yi sanarwar, hankali ya tashi a duka biyun. Bambancin ya fito daga baya: inda ake bayani, damuwar ta tsaya inda take, inda aka yi shiru kuwa ta ci gaba da hauhawa, yarda da kamfani tana ta zubewa. Wato sanarwa mai kyau ba ta hana gaba faɗuwa a ranar farko. Abin da take hanawa shi ne ƙaramin tsoro ya girma ya zama gobara.

A wajenmu kuma akwai ƙarin nauyi a kan kalmar kanta. Mutumin da ya ga yadda aka haɗe bankunan Najeriya daga 89 zuwa 25 tsakanin 2004 da 2005, ko ya ga yadda aka miƙa kamfanonin wutar lantarki ga 'yan kasuwa a 2013, idan ya ji an ce garambawul, kora yake ji. Ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta. Don haka ko da sauyin bai shafi aikin kowa ba, dole a faɗi hakan da baki, domin a nan shiru ma magana ce, kuma ba mai daɗi ba.

Tambayoyi uku da ke bakin kowa

Ma'aikaci ba ya karanta irin wannan imel daga sama zuwa ƙasa. Idonsa tsalle yake yi yana neman abu uku. Aikina yana nan? Wane ne ogana yanzu? Yaushe abin zai fara? Sai ya sami waɗannan sannan kunnensa zai buɗe ya saurari dalili. Saboda haka amsoshin nan uku su ne za su zo a layuka biyar na farko, inda allon waya zai nuna su ba sai an ja ƙasa ba. Dalili ya biyo baya.

A kwatanta da abin da Brian Chesky, shugaban Airbnb, ya rubuta ranar 5 ga Mayun 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye. Labarinsa ba mai daɗi ba ne: kusan mutum 1,900 cikin 7,500 za su tafi. Amma tun a farkon wasiƙar ya ce labarin rage ma'aikata ya kawo, ya faɗi adadin, ya ce ana hasashen kuɗin shigar shekarar ba zai kai rabin na 2019 ba. Ya faɗi sassan da za a dakatar. Ya faɗi haƙƙin masu tafiya a Amurka: albashin mako 14, da ƙarin mako ɗaya a kan kowace shekarar da mutum ya yi. Abin da ya fi muhimmanci ga maganarmu, ya faɗi yadda kowa zai san matsayinsa. Ma'aikatan Amurka da Kanada da abin ya shafa za su ga gayyatar ganawa cikin 'yan sa'o'i, wanda aka sauya wa aiki zai ga tasa gayyatar daban, wanda bai ga komai ba yana nan daram. Sauran ƙasashe kuma ya ce za a bi dokar kowace ƙasa. Zaman ɗar-ɗar da zai iya ɗaukar makonni sai ya koma na yini guda.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Bari mu ƙaddara wani kamfanin rarraba kayan masarufi mai hedikwata a Kano, da rassa huɗu: Kano, Kaduna, Katsina da Gusau. Ma'aikata 140 ne. A tsohon tsari manajan reshe shi ne wuƙa shi ne nama: masu talla, 'yan sito, direbobi, kashiya da akanta duk a ƙarƙashinsa suke. Matsalar da ta taso ita ce lissafin kowane reshe yana zuwa a makare kuma da fasali daban, sannan motar Katsina takan dawo fanko alhali kayan Gusau na jibge suna jiran mota. Masu kamfani suka yanke shawara: ma'aikatan kuɗi 12 za su koma ƙarƙashin Shugabar Sashen Kuɗi a hedikwata, 'yan sito da direbobi 34 su koma ƙarƙashin Shugaban Sufuri da Sito. Ba wanda za a sallama. Mutum 46 ne za su canza oga, 94 ba abin da ya taɓa su.

Rubutun farko da yawancin manajoji za su yi ba ya wuce haka: "Ana sanar da dukkan ma'aikata cewa, domin inganta aiki da tafiya daidai da zamani, hukumar gudanarwa ta amince da wasu sauye-sauye a tsarin kamfani. Za a sanar da cikakken bayani nan gaba. Ana roƙon kowa ya kwantar da hankalinsa."

Mai rubutun yana ganin ya yi taka-tsantsan. A gaskiya itace ya tara ya zuba kananzir. "Wasu sauye-sauye" bai faɗi komai ba, sai dai ya tabbatar da cewa akwai wani abu. "Nan gaba" ba rana ba ce. "A kwantar da hankali" kuwa ba a faɗa wa mutum sai in akwai abin tayar da shi, kamar yadda gaban majinyaci ke faɗuwa idan likita ya fara da cewa kada ka damu. Kafin azahar za ka ji an ce an sayar da kamfani, kafin la'asar a ce za a rufe reshen Gusau, har da sunan wanda ya ga takardar da idonsa.

Ga yadda ya kamata ya kasance. Kan saƙon: "Sabon tsarin sassan Kuɗi da Sufuri daga Litinin 3 ga wata: ba a rage ma'aikaci ba." Sannan jikinsa:

"Assalamu alaikum, abokan aiki.

Daga ranar Litinin 3 ga wata mai kamawa, za mu sauya wanda wasu daga cikinmu ke aiki a ƙarƙashinsa. Wannan sauyi bai ƙunshi sallamar kowa ba. Albashi, alawus, matakin aiki da garin da kowa yake aiki duk suna nan yadda suke.

Mutum 46 abin ya shafa. Kashiyoyi da akantocin rassa, su 12, za su koma ƙarƙashin Shugabar Sashen Kuɗi. Ma'aikatan sito da direbobi, su 34, za su koma ƙarƙashin Shugaban Sufuri da Sito. Idan ba ka cikin waɗannan rukunai biyu, oganka bai canza ba. Sunayen duka 46 ɗin suna cikin jadawalin da ke haɗe da wannan saƙo.

Dalili biyu ne. Lissafin rassa yana iso mana a lokuta daban-daban, muna so ya zama hannu ɗaya ke haɗa shi. Motocinmu kuma suna dawowa fanko daga wani reshe alhali wani reshen na jiran mota, muna so mutum ɗaya ya riƙa tsara tafiyarsu duka. Wannan gyaran tsari ne, ba hukunci ne a kan wani reshe ko wani mutum ba.

Manajojin rassa suna nan a matsayin shugabannin rassansu. Su ke da ciniki, hulɗa da dillalai, da kula da zuwa aiki na duk wanda ke harabar reshe. Hutun shekara, tantance ƙwazo da ƙarin girma na mutum 46 ɗin nan za su koma hannun sababbin shugabanninsu. Duk takardar da aka riga aka miƙa kafin 3 ga wata, wanda aka miƙa wa shi zai kammala ta.

Abu ɗaya ne ba mu yanke ba tukuna: ko kowane reshe zai sami mai kula da motoci na kansa. Za mu sanar da ku ranar 17 ga wata.

Yau da ƙarfe 11 za a yi zama a kowane reshe. Wanda ba ya son tambaya a bainar jama'a ya same ni ko jami'in kula da ma'aikata, ko ya jefa takarda a akwatin da ke ofishin reshe ba sai ya sa suna ba. Ranar Alhamis zan aiko da amsar duk tambayoyin da aka yi."

A saƙo na gaskiya, kowane muƙami zai zo da sunan mai riƙe da shi, domin ma'aikaci mutum yake nema, ba kujera ba. Kuma sa hannun shugaban kamfani ne zai kasance a ƙasa. Saƙon da aka rufe da "Hukumar Gudanarwa" ba shi da fuska, ba wanda za a tare a tambaya, ba kuma wanda za a riƙe da alkawari.

Oga biyu, takarda ɗaya

Sakin layi na huɗu na wancan saƙo shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ne ke hana rikicin da ke zuwa bayan mako biyu. A zanen tsarin kamfani akan ja miƙaƙƙen layi daga ma'aikaci zuwa ogan da ke da iko a kansa, a ja layi mai ɗigo-ɗigo zuwa wanda yake aiki tare da shi yau da kullum. A takarda abin gwanin kyau. A ƙasa kuwa, kashiyar Gusau tana zaune taku goma daga ofishin manajan reshe, ogarta ta gaskiya tana Kano. Ɗanta ya kwana da zazzaɓi, tana son ta tashi da wuri: wa za ta gaya wa? Manaja ya ce ta ba dillali kaya bashi, Kano ta ce kada a bayar: maganar wa za ta bi?

Kalmar "ƙarƙashin" ba ta amsa wannan. Hanyar da ke amsawa ita ce a lissafa takardun da ma'aikaci ke kaiwa a sa masa hannu, a rubuta sunan mai sa hannu a gaban kowace: izinin fita na yini, hutun shekara, kuɗin mai da gyaran mota, tantance ƙwazo, takardar tuhuma. Takarda ɗaya, mai sa hannu ɗaya. Idan shugabanni suka zauna cike wannan jadawali suka kasa daidaitawa a kan wani layi, to garambawul ɗin bai nuna ba, kuma bai kamata a tura imel ba tukuna. Yawancin sanarwar da ke fitowa a dunƙule, ba rashin iya rubutu ne ya jawo ba. Shawarar ce ba a gama yankewa ba, aka lulluɓe ta da manyan kalmomi.

Alkawarin da za ka iya riƙewa

A lura da yadda aka faɗi maganar kora: "wannan sauyi bai ƙunshi sallamar kowa ba." Ba a ce ba za a taɓa korar kowa ba, domin ba shugaban da ya san abin da kasuwa za ta yi baɗi. Magana zarar bunu ce. Idan ka rubuta "ba wanda zai rasa aikinsa" sannan bayan wata huɗu aka sallami mutum shida, ba wannan imel kaɗai ya mutu ba, duk wanda za ka rubuta nan gaba an riga an yi masa jana'iza.

Idan kuwa akwai yiwuwar rage mutane amma ba a yanke ba, gaskiyar ita ce mafita: a faɗi sashen da ake dubawa, a faɗi cewa sauran sassa ba sa ciki, a faɗi ranar da za a yanke. "Ba mu yanke ba, za ku ji ranar 17" magana ce da mutum zai iya kwana da ita, domin duhun yana da iyaka. Sharaɗin kawai shi ne ranar 17 ta zo da saƙo, ko da saƙon cewa an ɗaga zuwa 24 ne saboda dalili kaza.

Idan an tabbatar za a rage, to maganar ta wuce gwanintar rubutu, ta shiga hurumin doka. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya wajabta wa mai kamfani ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragin da girmansa, ya bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya tare da la'akari da ƙwarewa da cancanta, ya kuma yi ƙoƙarin sasantawa a kan kuɗin sallama. Imel ga kowa da kowa ba ya maye gurbin wannan. Kuma ko ba doka, bai dace mutum ya fara jin an soke kujerarsa a saƙon da mutum 139 ke karantawa tare da shi ba.

Wa zai fara ji, kuma yaushe

Imel shi ne mataki na ƙarshe a jerin matakai, kuma jerin ya fi kalmomin tasiri. A misalinmu, waɗanda suka yi asara su ne manajojin rassa huɗu: jiya kowannensu yana da iko a kan kuɗi da motoci, gobe babu. Idan suka ga wannan a waya lokaci ɗaya da masinjansu, an ci musu fuska a gaban yaransu. Kuma su ne mutanen da kowa zai ruga wurinsu da tambaya. Manajan da aka tambaya ya taɓe baki ya ce "ni ma yanzu nake gani", ya rushe duk abin da saƙon ya gina.

Saboda haka ranar Litinin da rana shugaba zai gana da su, ido da ido ko ta waya, ɗaya bayan ɗaya. Ya faɗa musu abin da aka ɗauke da abin da aka bar musu, ya saurari ɓacin ransu, ya ba su kwafin saƙon da amsoshin tambayoyin da ake sa ran za a yi. Talata da ƙarfe 8 na safe a tara mutum 46 ɗin a rassansu a gaya musu da baki. Ƙarfe 9 imel ya tafi ga kowa. Ƙarfe 11 a yi zama. Tazarar da ke tsakanin mutum na farko da ya ji da na ƙarshe kada ta wuce kwana ɗaya, domin sirrin da mutum shida suka sani ba ya kwana biyu a ofis.

Ranar ma abin dubawa ce. Saƙon da aka tura Juma'a da yamma, ko jajiberin hutun Sallah, ya ba jita-jita kwana biyu ko huɗu tana kiwo ba makiyayi: ofis a rufe, ba wanda za a tambaya, waya kuwa tana hannun kowa. Safiyar Talata ko Laraba ta fi, lokacin da shugabanni ke kan kujerunsu, ƙofa a buɗe. Shugaban da ya tura irin wannan saƙo ya hau jirgi, ya bar gida da wuta.

Sai ƙananan abubuwan da kan ɓata babban aiki. A tura saƙo ɗaya, iri ɗaya, a minti ɗaya. Idan Kaduna ta samu ƙarfe 9, Gusau ƙarfe 12, to Gusau za ta karanta hoton allon da wani ya turo, tare da sharhinsa. A yi amfani da adireshin rukuni na dukkan ma'aikata, ko a zuba sunaye a layin Bcc, don kada mutum ɗaya ya danna Reply All cikin fushi ya mayar da sanarwa dandalin cacar baki. A duba jerin sunayen sau biyu: wanda aka manta da shi a jadawali zai ɗauka an kore shi ne ba a faɗa ba. Sannan a rubuta kowane layi da sanin cewa zai fita waje. Dillalai, banki da abokan hamayya duk za su iya ganinsa kafin magariba, don haka abin da ba za ka so su karanta ba, kada ya shiga.

Akwai kuma waɗanda imel ba ya kai wa gare su. A kamfani irin na misalinmu, direbobi, masu lodi da masu gadi galibi ba su da adireshin ofis, wasu ba sa karanta Turanci, kuma 34 cikin 46 da abin ya shafa daga ɓangarensu suke. Idan aka tsaya a imel, mutanen da sauyin ya fi taɓawa su ne za su ji shi daga bakin wani. A fassara saƙon zuwa harshen da suke ji, a karanta musu a bakin sito, a liƙa kwafi a allon sanarwa. Direban da ke kan hanyar Funtuwa a tura masa saƙon murya na shugaba da kansa, kalma a kan kalma da abin da ke rubuce.

Yadda za ka gane ko ya yi aiki

Kwana biyun farko suna faɗin gaskiya. Idan mutum biyar daga rassa daban-daban suka yi tambaya iri ɗaya, saƙon ne ke da rami a wurin, sai a toshe shi a amsar ranar Alhamis. Irin tambayar ma alama ce. "Wa zai sa mini hannu a takardar mai?" tambayar mutumin da ya karɓi sabon tsari ce, yana neman hanyar aiki a cikinsa. "Wai gaskiya ne za a rufe Gusau?" tana nuna rediyo mai jini ta riga ka. Irin wannan ba a kyale ta, ba a kuma farautar wanda ya fara ta. A ambace ta da sunanta a rubuce, a ce an ji ana cewa za a rufe reshen Gusau, ba haka ba ne, ba ya cikin abin da aka yanke.

Zaman da aka yi tsit ba wanda ya ɗaga hannu, kada shugaba ya ɗauka nasara ce. Sau da yawa ma'anarsa ita ce an mayar da taron wani wuri da ba a gayyace shi ba. Sauran alamun a ofishin kula da ma'aikata ake ganinsu: mutane sun fara neman takardar shaidar aiki, ana tambayar nawa aka tara a asusun fansho, ana janye ajiya daga ƙungiyar adashen ma'aikata, ƙwararrun da ba sa fashi sun fara neman izinin rabin yini. Waɗanda suka fi iya aiki su ke fara tafiya, domin su ne ke da inda za su. Idan kuma dillali ya bugo waya yana tambaya ko lafiya, labarin ya riga ya tsallake katanga.

Gwaji na ƙarshe sai ranar 3 ga wata. Da sassafe direba zai shigo harabar reshen Katsina da takardar kuɗin mai a hannu. Idan ya tsaya tsakar gida yana waige-waige, manaja ya ce ba nasa ba ne yanzu, Kano kuma ba ta ɗaga waya, mota ta kwana da kaya a cikinta, to duk kyan kalmomin saƙon bai tsinana komai ba. Idan kuwa ya nufi inda zai nufa kai tsaye, aka sa masa hannu, ya tayar da mota kafin rana ta yi zafi, imel ɗin ya gama aikinsa, ko da ba wanda ya sake tunawa da shi.